Na sa karin magana a hoton kakannina, sai aka fara yi min ta'aziyya

'Yar Gangare: Jama'a ku taimaka. Na taso daga Abuja da Sallah, motarmu ta lalace a Akwanga, sai bayan isha'i na shiga Jos. Da safe muka yi hoto da kakannina, Alhaji da hular sanyi, Hajiya ta riƙe min kunne tana cewa kishiya ta zo ƙwace mata miji. Na rubuta a ƙasa "Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari". Mutum uku sun kira suna Allah ya jiƙan rai! Goggona ta daina amsa min waya. Me zan sa?

Malam na Rikkos: Ke kika jawo. Wannan magana ta nuna fifiko ce, wanda ya tsere ya tsere. Amma kin ɗora ta kan masu furfura, dole "ya yi gaba" ya zama lahira. Goge, ki sa "Tushiya mafarin dawa". In kina son gyara, kada ki taɓa farkon karin magana, da shi mai karatu ke gane ta. Wutsiyar ake sauyawa: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutsen Shere ba zai gani ba." Rimi ya fita, Jos ta shigo, ma'ana tana nan.

Maman Hanif: Sa "Albasa ba ta yi halin ruwa ba", tunda kuna kama da Hajiyar.

Malam na Rikkos: Subhanallah! Wannan gori ne, ana faɗa wa wanda bai ɗauko halin iyayensa ba. Mai nuna gado ita ce "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe".

Maman Hanif: To ni ita na sa a hotona da uwar mijina, shi ya sa tun azumi take amsa gaisuwata a daƙile kenan? Ko da yake dama can ba ta ƙaunata.

'Yar Gangare: Malam, ai nufina su ne a gaba, mu muna bin sawu. Wanda bai gane ba shi ya sani. Kuma tushiyar nan kowa ita yake sawa.

Ɗan Kubwa: Jika da kaka ai wasa ne, ku bar wa'azi. Rubuta "Da tsohuwar zuma ake magani, amma Alhaji ya ce sabuwar ta fi zaƙi". Hajiya za ta yi dariya ta rama.

Malam na Rikkos: A tsakar gida za ta yi dariya. A bainar jama'a kin kira ta tsohuwa, goggonki na karantawa.

'Yar Gangare: Ta zumar ta burge ni gaskiya. Amma ta farkon ba zan goge ba, mutane da yawa sun riga sun danna mata so. Ba za a iya haɗa biyun ba?