Ɗan kwangilarmu na da yana neman takardar shaida, me zan rubuta masa?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum jama'a. Injiniya, kai nake so ka fara duba min wannan. Ɗan kwangilar da ya gina mana ajujuwa uku a makarantarmu ta Rigasa a 2022 ya zo jiya, zai nemi aikin gyaran wani asibitin sha-ka-tafi, yana so in ba shi takardar shaida. Aikinsa na da kyau, sai dai ya makara da sati biyar, kuma damina na faɗuwa rufin aji ɗaya ya yi yoyo har silin ya yi taswira. Ya dawo ya gyara da kuɗinsa. Abin da ya tsaya min a rai: aikin naira miliyan 18 ne, shi kuma yana roƙo in rubuta 30.

Malam Tukur: Wa alaikumus salam. Hajiya, ai wannan aikin banki ne. Bankinsa ke ba da takardar.

Injiniya Bashir: Malam, waccan daban ce, ta banki tana nuna yana da ƙarfin kuɗin ɗaukar aikin. Ta Hajiya shaidar wanda aka yi wa aiki ce.

Hajiya, kada ki taɓa adadin nan. Masu tantancewa ba wasiƙarki kaɗai suke karantawa ba, suna ajiye ta kusa da takardar ba da kwangila da takardar kammala aiki, wani lokaci har da shaidar biyan kuɗi. In wasiƙa ta ce 30, takardar kwangila ta ce 18, shi ke nan an ajiye fayil ɗinsa gefe. Kuma takardar ƙarya na iya jawo a hana kamfani neman aikin gwamnati, a tarayya ƙarƙashin dokar 2007 da hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, BPP, ke kula da ita, a nan jihar Kaduna kuma takwararta KADPPA ce. Sa hannunki ne a ƙasa, da hatimin makarantarki.

Hajiya Rabi: Wallahi dama zuciyata ba ta kwanta ba. To me zan sa a ciki?

Injiniya Bashir: Ki ce ya kawo miki tallar aikin ki karanta tukuna, don ki ga irin ƙwarewar da suke nema. Galibi sukan ce a nuna ayyuka uku makamantansa cikin shekara biyar da suka wuce, to na 2022 yana ciki. Ki rubuta a takarda mai tambarin makaranta, da sunan kamfanin daidai yadda yake a rajistar CAC da lambarsa, ba sunan da kuke kiransa da shi ba. Na ga wasiƙar da aka ƙi don an rubuta ta da sunan mutumin, alhali kamfani ne ke neman aikin. Sannan ki faɗi abin da hannunsa ya yi: ajujuwa uku daga tushe har rufi, fulasta, silin, wayarin, fenti. Ranar farawa, ranar miƙa makulli, naira miliyan 18. Shafi ɗaya ya isa. Ki sa lambar wayar da ke shiga, don sukan kira, wani sa'in ma su zo su ga ginin.

Maman Khalifa: Ni dai Hajiya, ki bar zancen yoyon da makarar. Bawan Allah abinci yake nema, a rufa masa asiri.

Injiniya Bashir: Maman Khalifa, makarar ba sai an yi mata sharhi ba, ranar farawa da ranar miƙa makulli sun nuna ta in an haɗa su da wa'adin kwangilar. Amma yoyon nan, in ni ne sai na rubuta shi. Bayan miƙa aiki akwai lokacin gyaran aibu, sau da yawa wata shida, shi ya sa ake riƙe kashi biyar cikin ɗari na kuɗin. Ɗan kwangilar da ake tsoro shi ne wanda wayarsa ke mutuwa da zarar an biya shi. Layi ɗaya da ke cewa yoyo ya bayyana a damina, ya dawo ya gyara da aljihunsa, ya fi masa amfani a kan "mutumin kirki ne mai amana".

Alhaji Garba: Ƙanwata, tambaya ɗaya: makarar laifin wa? Ni na taɓa ɗora wa wanda ya gina min shaguna a Kawo laifin wata biyu, da na zauna da rasit sai na ga ni ne na riƙe masa biya na biyu har siminti ya tashi.

Hajiya Rabi: Yaya Alhaji, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Sati uku namu ne, muna jiran kuɗin makaranta na zango na biyu. Sati biyun nasa ne, kafintansa ya gudu.

Alhaji Garba: To ki rubuta ukun nan, haƙƙinsa ne.

Maman Khalifa: Har yanzu ni ina ganin mai tantancewa na ganin kalmar yoyo zai ture takardar. Ba kowa ke tunani irin na Injiniya ba.

Malam Tukur: In kuma ya ce in ba 30 ba ba ya so fa?

Hajiya Rabi: Sai ya nema a wani wurin, Malam. Zan rubuta yau da daddare. Injiniya, takardar kammala aikin fa ba mu taɓa ba shi ba, in na yi ta yanzu wane kwanan wata zan sa?

Injiniya Bashir: Na yau, Hajiya. A cikinta sai ki ambaci ranar da ya miƙa makulli a 2022. Turo min in duba kafin ki buga hatimi.