Neman kalmar Hausa: me za mu kira tiraiton?

Hadiza: Jama'a, ranar Alhamis zan gabatar da shirin rediyo kan asalin hebi metal, kiɗan Turawa mai amon jita mai nauyi, kuma na maƙale a kan kalmar tiraiton, tazarar sautin nan da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham ta buɗe faifanta na farko da ita a 1970. Fassara sassauta tsirkiyar jita bai ba ni wahala ba, domin masu gurmi ma haka suke cewa.

Bashir: Ai sautin nan daga sassautawar ya fito. Tony Iommi, mai kaɗa jitar ƙungiyar, ya rasa kan yatsunsa biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, shi ya sa ya saki tsirkiya don rage zafin dannawa. Ki ce amon sako-sako.

Malam Ilu: Batun yatsun gaskiya ne, Bashir, amma ka haɗa abu biyu. Sai a faifansu na uku, a 1971, ya sauke sautin tsirkiya da gaɓar wuyan jita uku a wasu waƙoƙi, amo ya yi kauri da nauyi, alhali tiraiton tana nan tun kafin haka. A wuyan jita, sauti yana komawa kan kamanninsa bayan gaɓa 12, ita kuwa tana kan ta shida, tsakiya cif. Masu buluz, kiɗan baƙar fatar Amurka, suna taka ta ne su wuce, amma Iommi ya tsaya a kanta ya bar ta tana kuka, kunne yana jiran sauka bai samu ba. Wannan rashin natsuwa ne ya dace da baitocin Geezer Butler, marubucin waƙoƙin ƙungiyar, kan tsoro da yaƙi, a garin da hayaƙin masana'antu ya turnuƙe. Idan gaɓa 12 zango ne, shawarata ita ce mu kira ta rabin zango.

Asabe: Idan ma'anarta sauti uku, ba karin sautinmu ba ne, sama da ƙasa da faɗau?

Malam Ilu: A'a, Malama, ukun nan taku ne, kowanne gaɓa biyu.

Alhaji Garba: Malaman kiɗan Turai na da sun laƙaba mata shaiɗan, don haka tazarar shaiɗan ita ce fassarar gaskiya. Rabin zango maganar fatake ce. Abin da ke damuna shi ne kullum mu ke bin kalmomin wasu, kamar Hausa ba ta da masu kiɗa.

Hadiza: Ranka ya daɗe, idan na ambaci shaiɗan a iska, masu sauraro za su bar batun kiɗa su koma wata muhawara, kuma laƙabi ne, bai faɗi girman tazarar ba.

Alhaji Garba: To wanne makaɗin Hausa kika taɓa ji ya kira gaɓa 12 zango? Kun gina ɗaki a kan kalmar da ba ta zauna ba.

Malam Ilu: Wannan ƙorafi yana da tushe, Alhaji, kuma ba ni da amsarsa.

Hadiza: Zan ce rabin zango, in sa a kaɗa sautin biyu a ji, sannan in ambaci laƙabin sau ɗaya.

Alhaji Garba: Na yarda don shirin Alhamis kawai, amma kada a shigar da ita ƙamus.