Tambaya: yadda ake rubuta bayanin koren kyalle a cikin skirif

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin bidiyo. Muna shirya wani ɗan shiri na wayar da kai game da noman dankalin turawa a nan Jos. Mai gabatarwa za ta tsaya gaban koren kyalle a situdiyo, daga baya mai tace hoto ya sanya gonakin Bokkos da kasuwar Farin Gada a bayanta.

A skirif ɗin, ƙarƙashin kowace fitowa na rubuta hoton da ake so a baya, ko mai motsi ne ko tsayayye, da gefen da haske ke fitowa. Na kuma rubuta cewa kada ta sa kore, ko yadi mai ƙananan ratsi, ko sarƙa mai walƙiya.

Ga inda na maƙale. A gwajin da muka yi ta zo da atamfa ruwan ɗorawa, babu kore ko kaɗan, amma da aka cire koren launin kyallen daga hoton sai gefen mayafinta ya fara ɓacewa, gona tana leƙowa ta kafaɗarta. Mayafin shara-shara ne, kuma tana kusa da kyallen, tazarar ba ta kai mita ɗaya ba.

Shin laifin launin kayanta ne, ko koren hasken da ke dawowa daga kyallen, ko siririn mayafin? Kuma tazarar tsayuwa da nau'in mayafi, a cikin skirif kuke rubuta su, ko a wata takarda daban da ake ba mai gabatarwa? Asabar za mu ɗauka, don Allah ku taimaka.