Neman diyya bayan haɗarin mota: abin da lauyoyi suka jaddada

Masana shari'a sun yarda cewa faruwar haɗari kaɗai ba ta kawo diyya. Sai mai ƙara ya nuna direban ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo ɓarnar. Hujja kuwa a wurin take, kafin a janye motocin: hoton sawun birki a kan kwalta, inda kowace mota ta tsaya, lambar wayar shaidu, da zanen da 'yan sanda suka yi. Rahoton likita a karɓe shi da wuri, domin idan aka jinkirta, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ciwon daga baya ya samu.

Wajen lissafi aka fi yin asara. Kuɗin da aka kashe sai an jera su ɗaya bayan ɗaya da rasiɗi. A ɗauka ɗan acaɓa ya karye, asibiti ya ci naira 300,000, gyaran babur 150,000, ya yi kwana 60 ba ya samun 5,000 ɗin da ya saba. Jimla 750,000 ke nan. Wahalar jinya da nakasa alƙali ne ke ƙiyasta su daban. Amma idan kotu ta ga rashin hular kwano ko gangancinsa ya ɗauki kashi 20 cikin 100 na laifin, za a rage 150,000 daga cikin 750,000 ɗin.

An kuma yi gargaɗi sosai: kada a sa hannu kan takardar sulhu kafin likita ya faɗi iyakar raunin, don ita ke rufe ƙofar ƙara.