Magana ta daƙiƙa 6, Turancinta ya ƙi shiga allo: ina neman shawara

Zainab: Assalamu alaikum ’yan zaure. An ba ni aikin sabtaitil na wani shiri mai dogon zango da za a ɗora a YouTube, na kuma maƙale a wani sin. Uwa ce ke yi wa ɗanta faɗa: “Wallahi tallahi Nura, in har ni na haife ka, ka ƙara taka ƙafarka gidan yarinyar nan, ban yafe maka ba duniya da lahira.” Cikin daƙiƙa 6 ta faɗe ta. Da na juya ta Turanci yadda take, ta haura haruffa 150, layi huɗu cur. Me zan yanke?

Sadik Edita: Wa alaikumussalam. Ki rage girman rubutun kawai, layi uku ma yana shiga. Haka muke yi.

Malam Habu: Sadik, shiga allo daban, karantuwa daban. Yawancin masu kallon nan a waya suke kallo, in ka ƙanƙanta rubutu ka gama da su. Zainab, iyaka biyu gare ki, kuma kowacce da lissafinta. Ta farko faɗin layi: ƙa’idar Netflix ta Turanci haruffa 42 ce a layi, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, layi kuma kada ya wuce biyu. Wato 84 ne ƙarshe. Ta biyu saurin karatu: su suna yarda da haruffa 20 a daƙiƙa ga manya, 17 ga yara. Ni a 17 nake tsayawa ko da shirin manya ne, saboda da yawa daga masu karanta mana Turancin nan ba harshen uwarsu ba ne, mutanen Ibadan ne da Inugu da Kumasi. Daƙiƙa 6 sau 17 ya ba ki 102. Kin ga lokaci ya ba ki 102, allo ya ba ki 84 in a zubi ɗaya ne. Ko dai ki matse ta, ko ki raba ta biyu.

Sadik Edita: To a matse mana. Ga shi:

```
Go to that girl's house again, Nura,
and I will never forgive you.
```

Haruffa 65, an wuce wurin.

Maman Ilham: Ni ba sana’ata ba ce, kallo kawai nake da ƙawata Bayarabiya, amma wannan ya yi sanyi, Sadik. Uwa ta ce ba ta yafe ba har lahira, ai nan ne gaban ɗan zai faɗi. Wanda ka rubuta kamar budurwa ce ke fushi da saurayi.

Malam Habu: Hajiya ta faɗi gaskiya. Na Sadik ya shiga ma’auni, kuma ya yi daidai da ya dunƙule “taka ƙafarka”, amma ya zubar da abin da labarin ya rataya a kai, alhali akwai sauran fili. Ma’aunina wajen yanka shi ne: me mai kallo zai buƙata a sin na gaba? In Nura zai je ya rabu da yarinyar yana kuka, dole a san abin da aka ɗora masa. Rantsuwa biyu ta koma ɗaya, ba asara. “Yarinyar nan” ta koma wakilin suna tunda an riga an san ta. Amma uwantaka da lahira su zauna. Zainab, ina ta ja numfashi?

Zainab: Bayan “na haife ka”, Malam. Wajen daƙiƙa biyu da rabi da fara maganar.

Malam Habu: To nan za ki raba. Na ƙaddara lokutan, ki daidaita da naki:

```
214
00:12:04,200 --> 00:12:06,600
I swear, Nura, as your mother,

215
00:12:06,680 --> 00:12:10,700
visit her again and I won't forgive you,
in this life or the next.
```

Na farko haruffa 30 ne a daƙiƙa 2.4, ba matsala. Na biyu 65 ne. In kika cire shi daidai inda ta rufe baki, a 00:12:10,200, zai haura haruffa 18 a daƙiƙa. Shi ya sa na ƙara masa rabin daƙiƙa, ya sauko wajen 16. Wannan ƙarin yana yiwuwa ne kawai in ba wanda ya karɓi magana nan take. Ki duba kuma kada rubutun ya tsallaka inda hoto ya sauya da ’yan firem kaɗan, don ido yakan ɗauka sabo ne ya koma ya sake karantawa. Tazarar da na bari tsakanin su biyun firem 2 ce a bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa, ita ke sa a gane rubutu ya canja.

Zainab: Kyamara ta tsaya a fuskar Nura, shiru ya yi. Ya zauna daram, Allah ya saka da alheri. Da hannu kuke ƙirga haruffan nan?

Sadik Edita: Haba dai. Ki sauke Subtitle Edit, kyauta ce. Ki sa 42 da 17 a saitin, duk layin da ya wuce za ta yi masa ja. Ki buɗe zanen sauti a ƙasa, za ki ga inda magana ta fara da inda ta tsaya ba sai kin yi ta mayar da bidiyo baya ba. Wasu Aegisub suke so, ni dai na saba da waccan.

Ɗan Maraɗi: Ni ma ina da aiki irin wannan, mutum nawa ake buƙata su ɗora murya? Muna so a ji shi da Faransanci.

Sadik Edita: Ɗan’uwa, rubutun ƙasan allo ake magana, ba ɗora murya ba. Ka buɗe naka zancen daban mu tattauna.

Zainab: Saura gaisuwa. Akwai inda aka yi daƙiƙa 14 ana ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki.

Sadik Edita: Share ta duka, ki sa gaisuwar safe sau ɗaya.

Malam Habu: In baki na motsi daƙiƙa 14 allo fayau, mai kallo zai zaci sabtaitil ɗin ya lalace. Kuma rubutu ɗaya ba ya wuce daƙiƙa 7 a allo. Ki yi zubi biyu ko uku, tambaya a sama amsa a ƙasa, kowanne layi da alamar `-` a farkonsa. Ki zaɓi “ya mai jiki” ki bar “ina gajiya”, don akwai mara lafiya a labarin. In kuma kishiya ce ta amsa “lafiya” a daƙile ba ta mayar da gaisuwar ba, wannan ba gaisuwa ba ce, faɗa ne, ki bar amsar guntuwa yadda take.

Maman Ilham: Tunda ana gyara, ku duba mana “Yaya”. A wani shiri, yarinya na kiran ɗan kawunta Yaya, aka yi ta rubuta `Brother`, kashi uku a gaba sai ga ɗaurin aurensu. Ƙawata ta ajiye wayar tana salati da Yarabanci.

Malam Habu: Ni nakan sa `cousin` sau ɗaya a inda aka fara haɗa su, daga nan sai sunansa kawai. Ya fi gajarta ma.

Zainab: Amma Malam, in ta riƙa kiran sunansa gatsau a rubutu, ladabin ya tafi. A shirin da nake yi ma akwai mai kiran ɗan’uwanta haka, kuma ranar da ta daina ce masa Yaya ita ce ranar da aka gane ta fara son sa. Ni ina ganin in bar `Yaya` yadda take, haruffa 4 ne, kunne kuma yana jin ta.

Malam Habu: Wanda ya faro daga kashi na ɗaya zai gane. Wanda YouTube ya jefo shi kashi na tara zai ɗauka sunansa ke nan.

Sadik Edita: Ku tambayi darakta mana, shi ya san su wa yake yi wa shirin.

Zainab: Na tura masa saƙo, bai buɗe ba tukuna. Kafin nan zan ci gaba da `Yaya`, in ya ƙi sai in canja su gaba ɗaya da `Ctrl+H`.