Me za mu kira abin da zolfidem ke sa mutum yi cikin barci?

Hadiza: Jama'a, ina fassara takardar gargaɗi kan zolfidem da 'yan uwansa zofiklon da zaleflon. Su dai na sa musu suna "ƙwayoyin barci 'yan Z", tunda duk da harafin suka fara. Inda na cije shi ne sunan illar. Na rubuta "tafiya cikin barci", amma raina bai kwanta ba.

Sani: Ai muna da ita, dannau.

Malam Bala: A'a Sani, mai dannau idonsa biyu, jikin ne ya ƙi motsi. Wannan kuwa jiki na aiki, mai shi ba ya nan. Malama, dole ranki ya ƙi kwanciya, "tafiya" ta yi kaɗan. A kan ƙwayar nan mutum kan kunna wuta ya yi girki, ya buga waya, wani har ya ja mota, gari ya waye bai tuna komai ba. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ɗora wa zolfidem gargaɗinta mafi tsanani bayan ta tattara rahotanni 66, ashirin daga ciki mutuwa aka yi. Ta ce wanda abin ya taɓa samu ko sau ɗaya, kada a sake ba shi.

Rabi: Magagi ke nan. Gwaggona ta sha miligiram 10, maimakon ta kwanta sai ta zauna kallo. Wajen ƙarfe biyu na tarar da ita a kicin, gas a kunne, tukunya ba komai ciki. Na yi mata magana ta amsa, ido a buɗe. Da safe ta rantse ba ta taka ƙasa ba. Mun ɗauka tsufa ne.

Malam Bala: Allah ya tsare. Tun 2013 FDA ta rage wa mata daga miligiram 10 zuwa 5, domin ya fi daɗewa a jininsu kafin ya fita, tsofaffi ma 5 ake ba su. Zaman kallon nan shi ma kuskure ne: ana haɗiyewa ake kwanciya, kuma sai da awa bakwai zuwa takwas na barci a gaba. Haɗarin ya fi yawa idan an haɗa da giya, ko kodin, tiramadol, diyazefam.

Sani: To wanda ya bi ƙa'ida ya tsira ke nan.

Malam Bala: Bai tsira ba. An gani a shan farko, a mafi ƙarancin awo, ba giya ba komai.

Hadiza: Magagi ya fi kusa. Sai dai wanda na sani na ɗan lokaci ne, a girgiza ka ka dawo hayyacinka, har ka tuna shirmen da ka yi. "Aikin magagi" fa?

Rabi: Ni "magagin mantuwa" ya fi min. Mantuwar ce ke hana mai shi gaya wa likita, sai dai 'yan gida su lura.

Malam Bala: Naki ya kama mantuwar ya saki motar, Rabi. Ni "aikin magagi" zan sa, sai a bi shi da jimla guda: mai shi ba ya tunawa, a dakatar da maganin a sanar da likita nan take.

Hadiza: Na sa shi haka a yanzu. Rabi, karanta wa Gwaggo duka biyun mu ji wanda za ta gane.