Ɗan kasuwa ba shi da fansho: me kuke ware wa tsufa?

Mai Atamfa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 47, ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Daga azumi zuwa Babbar Sallah nakan ci ribar dubu 600 a wata, amma da damina ta sauka sai in gama wata ban haɗa dubu 90 ba. Sau biyu ina shiga adashi da niyyar tanadin tsufa, duk na kwasa sai kuɗin su koma cikin kaya. Makwabcina a layi ya haura 70, har yanzu yana fitowa rumfa, ba don yana so ba. Abin yana taɓa ni. Ku ya kuke yi?

Ɗan Dawanau: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma haka na yi ta fama sai da na daina yanka wa kaina adadi. Yanzu ɗaya bisa goma na riba nake cirewa duk ranar Alhamis. A lissafinka, watan azumi dubu 60 ke nan, watan Agusta dubu 9, kuma ba ka karya alkawari ba.

Amma a kula da abin da ake kira riba, don nan na sha wuya a 2024. Ka saro turmi dubu 10, ka sayar dubu 12, ka ce ka ci dubu 2. Ka koma wurin dila ka tarar ya zama 11,500. Ribarka ta gaskiya 500 ce, sauran uwar kuɗi ce ta canza kama. Wanda ya yi tanadi a kan dubu 2 ɗin nan jarinsa yake yanka bai sani ba. Alamar ita ce kuɗi na ƙaruwa a waya, kanta kuma tana yin fili. Ni da buhu nake ƙirga jarina, kai ka ƙirga da turmi: nawa ne a rumfa bara war haka, nawa ne bana? Idan sun ragu, ba ka da abin warewa tukuna.

Baban Khalifa: Fili kawai, Alhaji. Ƙasa ba ta ruɓewa, gobara ba ta cinye ta.

Hajiya Mai Kayan Kicin: Baban Khalifa, da gaskiyarka, amma fili ba ya cefane. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yana da filaye uku, da ciwo ya kwantar da shi wata biyar muka yi muna neman mai saye, ƙarshe muka karyar. Da shago ɗaya ya gina a gaban gida yana karɓar haya, da ya fi masa. Ni gwal nake saye in na kwashi adashi. Shi ma in za ki sayar ba a mayar miki da kuɗin aiki, kuma in ya kai nisabi ya shekara akwai zakka.

Mai Atamfa: Allah ya ji ƙan Baba, Hajiya. To ina zan ajiye inda hannuna ba zai kai ba? Matsalata ke nan.

Ɗan Dawanau: Akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu da hukumar PenCom ta ƙaddamar a 2019. Kamfanin fansho mai lasisi za ka je, ka zuba kullum, ko duk mako, ko duk wata. Lokacin da na shiga, kashi 40 cikin ɗari ana iya cira don lalura bayan wata uku da fara zubi, kashi 60 kuma a kulle yake sai mutum ya kai 50 ko rashin lafiya ta hana shi nema. Kai da ka kusa 50, makullin ba zai daɗe ba, sai ka sa wa ranka ba za ka taɓa ba sai ka bar kasuwa. Ka tambaye su rabon da ake yi yanzu, da kuma ko za su sa kuɗinka a asusun da babu kuɗin ruwa, kafin ka sa hannu. Rabin abin da nake warewa nake kaiwa can. Rabin kuma ina jiran Sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa ta gwamnatin tarayya, wanda aka fara a 2017, ana biyan kuɗin haya sau biyu a shekara.

Baban Khalifa: Duk naira ce dai. Dala a farashin gwamnati tana wajen 460 a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya kulle miliyan ɗaya a lokacin me za ta saya masa yau?

Ɗan Dawanau: Wannan ba ni da ja, ta ci ni. Shi ya sa ban zuba duka wuri ɗaya ba.

Auta: Kawu, ni ina ganin ka shiga asusun adashin gata na aikin Hajji, ana zubawa kaɗan-kaɗan.

Hajiya Mai Kayan Kicin: Auta, wannan na kujerar Makka ne, shi abincin bayan ya daina fitowa yake tambaya.

Mai Atamfa: Na gode. Jiya bayan la'asar ni da yarona muka ƙirga kaya: turmi 410, bara 480. Ashe ba riba nake kai wa adashi ba. Wanda ya taɓa damƙa wa yaronsa rumfa bisa rabon riba ya koma gida, don Allah ya faɗa mana yadda suka kwashe.